Rigar sanyin Kaka

Kafin in sayi keken ɗinki na kaina, shekaru na yi ina gyaran gwanjo a kasuwar Birnin Gwari, in rage wando, in sake zif. Wanda ya farke tsofaffin riguna da yawa, dole idonsa ya buɗe. Ni ba na duban fuskar riga, juya ta nake yi.

Goggona, ƙanwar babana, a wani ƙauye take can gefen daji, ta wajen Kusasu. Da 'yan bindiga suka matsa musu, aka kwaso ta zuwa gidanmu ba ta ɗauko ko zani ba. Kullum maganarta ɗaya, yaushe za ta koma ɗakinta. Ɗanta, taubashina, ya lallaɓa ya je ya gano. Ya dawo ya ce gida lafiya lau, ko kwano ba a taɓa ba, ga ma shaida ya ɗauko mata daga akwatinta: rigar sanyin Kaka. Kakanmu ma'aikacin gandun daji ne, wani Bature ya ba shi rigar, kuma ya rasu tun kafin a sami 'yancin kai. Ni labarinta kawai nake ji, Goggo ba ta bari a taɓa.

Wata Laraba da hantsi sai ga Goggo a shagona, tana dogara sanda, da ƙunshi a hammata.

"Kai ɗan nan, zif ɗin ya ƙi tafiya. Kuma ka duba mini ita da kyau, idona ya mutu."

Ina kama zif ɗin na ga da matsala. Na roba ne, irin mai haƙora kamar naɗaɗɗen zare. Na zamanin Kaka ƙarfe ne, mai nauyi da sanyi a hannu. Na ce a raina, to ai ana sake zif, ni ma sana'ata ce. Na ɗaga shi a haske ina neman ramukan tsohuwar allura. Babu. Ɗinki ɗaya ne, na kamfani, da shi aka yi rigar.

Na juya ta. Duk bakin yadin an bi shi da keken wibin, wanda ke yanka yana naɗe gefe da zare. A irin wannan riga ta da, kalmasa za ka gani, ko a rufe bakin da siririn ƙyalle, ko a yanke shi da almakashi mai haƙora. A haƙarƙarin hagu kuma ga ɗan farin ƙyalle da hoton baho da dutsen guga, mai nuna yadda ake wanki. Wannan sai bayan Kaka ya daɗe a ƙasa aka fara liƙa shi. Duk da haka na tsinko zare, na ƙyasta ashana. Zaren auduga toka yake zama. Wannan ya narke ya dunƙule kamar leda.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ja'irin taubashin nan, a ce ka rasa wanda za ka yi wa wayo da gwanjo sai gidan tela! Da ya zo wurina, wallahi da na samo masa mai zif ɗin ƙarfe. Na tsaya ina ta juya riga, ina jan lokaci.

"Na ji ƙauri," in ji Goggo. "Me ka ƙona?"

"Zare ne, Goggo."

"Me ya ce maka?"

Na so in ce zif ne kawai ya lalace. Amma matar nan ta riga ta fara ɗaure 'yan kayan da muka saya mata a nan, tana cewa da an yi ruwan farko za ta tafi ko da ƙafa ne, kuma na san za ta aikata. Hanyar nan ba ta tsohuwa ba ce, ba ta kowa ba ce ma.

Na ce, "Goggo, ki gafarce ni. Rigar nan ni ma na girme ta. Kaka bai taɓa ganin ta ba."

Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta miƙo hannu na ba ta, ta shafa wuyan, ta shafa aljihun.

"Akwatin na ƙarfe ne," ta ce. "In har bai iya ɗauko ta ba, to wuta suka sa wa gidan, kuma wutar ta yi yawa ke nan."

Ta juyo wajena.

"Ɗakin ma?"

"Ban sani ba, Goggo. Riga kawai na iya karantawa."

Ta daɗe zaune a kan bencina. Mai kwalama ta wuce, wani ya zo karɓar wandonsa na ce ya dawo gobe. Can ta tura mini rigar.

"Gyara zif ɗin. Kuma kada ka kuskura ka yi masa tsiyar nan taku ta taubasai a kan wannan. Da idonsa ya ga gidan, ya dawo ya zauna gabana yana dariya. Ka bar shi."

Na gyara. Da yamma na tarar ta kwance ƙullin kayanta, tana tambayar matata ko akwai ƙusa a bangon da za ta rataye su.