Koren Fenti a Ƙarƙashin Shuɗi

Shekara goma sha ɗaya Nanjala Simiyu ta yi tana ɗauko wa ƙaramar jaridarmu ta garin Kitale labarai, takalminta kullum cikin jan taɓo. Ni ke tsara shafuka, kuma ban taɓa ganin an ƙaryata ta ba sai a kan hoton taki.

Wani manomi ne ya turo mata ta WhatsApp: ana loda buhunan takin ƙungiyar manoma a motar wani ɗan kasuwa, gefen wani koren shago. Muka buga. Washegari shugaban ƙungiyar ya faɗo ofis yana kumfar baki, wai hoton wata ƙasa ne, shagon garinsu shuɗi ne. Editanmu, Mzee Barasa, wato Dattijo Barasa, ya ce ko ta kawo hujja ko ta tattara nata ya nata.

Bayan kwana biyu ta dawo da wasiƙa. Na karanta kafin ta miƙa.

"Mzee, na farko, WhatsApp ya goge bayanan da waya ke liƙa wa hoto, don haka na je wurin manomin na karɓo na asali. Akwai kwanan wata da wuri a jikinsa, amma ana iya sauya su, ban tsaya nan ba. Na biyu, na bincika hoton a intanet, ban ga inda ya taɓa fitowa ba. Na uku, na gwada rufin coci da ƙarfen sadarwa da suka fito a hoton da hoton tauraron ɗan'adam, jerinsu ɗaya. Na huɗu, Dutsen Elgon yana yamma da kasuwar da shagon yake, inuwar buhunan ta nufe shi, safiya ke nan, daidai da lokacin da waya ta nuna. Na biyar, na je na tsaya a wurin. Shagon shuɗi ne, gaskiya. Masu talla ne suka sake masa fenti kyauta makon jiya, kamar yadda suke yi wa kowa. Na kankare da makulli, kore na ƙasa."

Har ɓawon fentin ta ƙunso a takarda.

Mzee Barasa ya karanta yana kurɓar shayi, ya kira ta da sunan ɗanta, ya ce, "Kai, Mama Wekesa, aiki ya yi kyau! Amma shugaban ƙungiyar nan surukin mai jaridar ne. Ki bar shi ya wuce mana."

"Ya wuce ta kan sunana? Mzee, ashe hujjar ta ado ka nema?"

Ya juyo gare ni. "Kai, sa ban-haƙuri a shafin farko. Ka ce wakiliyarmu ta yi kuskure."

Na sa. Da hannuna na sa, kuma har yau haushin kaina ya fi na Barasa ci mini rai.

Yanzu Nanjala ba ta jaridar, hoton fasfo take ɗauka a bakin tasha. Ran nan na je ta ɗauke ni. Da na juya bayan hoton, ta rubuta wuri da rana da lokaci, sai sunanta a ƙasa.