Awon da Na Sa Aka Yi wa Littafin 'Yata

Karatuna na boko ya tsaya a aji shida, shekarar da mahaifina ya ga lissafina ya isa ƙirga doya. Wannan bai hana ni zama masanin unguwarmu a Salaga ba. Takarda in ta zo daga hukuma ni ake kawo wa, in sa tabarau, in daɗe ina kallonta, sannan in ce a kai wa malamin makaranta ya tabbatar da abin da na gani.

Autata tana koyarwa a Bawku, tana kuma neman digiri na biyu. Littafin da za ta rubuta a kan gidajen fataken goro ne, su wa suka kafa su, su wa suka yi musu aiki. Ni na yi mata jagora gida gida, har Yendi, wurin taubashiyata, 'yar kawuna. Tun muna yara ba ta kirana da komai sai "bawan gidanmu", ni kuma in ce mata tsohuwar da ta ƙi mutuwa don rowar likkafani. Ran nan ta kore ni waje, ta rufe ƙofa da yarinyar. A nan ta faɗa mata cewa ita tsohuwar, kakarta ta wajen uwa baiwa ce, a kasuwar Salaga aka saye ta. Jikokinta ba su sani ba. Ta yarda a rubuta, da sharaɗi ɗaya: kada sunanta ko na gidanta ya fito. Yarinya ta yi alkawari.

Ni ban san wannan ba sai da autar ta turo mini littafin a waya, in duba mata ko ta jera dangi daidai. Ta ce, "Baba, sunayen gaskiya ne a ciki, sai a ƙarshe zan canza su. Kai kaɗai." Na ce ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Rubutun waya ƙanana ne, idona kuwa ya yi ritaya kafin ni. Na kai shagon buga takardu na bakin tasha a fitar mini da manyan baƙaƙe. Mai shagon, tsohon abokin hirata, ya ce, "Alhaji, ka san yanzu makaranta na da injin kama satar rubutu? Akwai na kyauta a intanet. A gwada mata, kada ta je ta ji kunya."

Maganar ta shige ni. Falke ba ya kai kaya sikelin mai saye sai ya auna a gida. Na ce a gwada, ya buɗe shafin a kwamfutarsa. Wani dogon Turanci ya fito da ɗan akwatin dannawa a ƙasa. Mai shagon ya ce sai an yarda. Na sa tabarau, na dube shi irin duban da na saba, na ce danna. Ya zuba littafin, injin ya ce yarinya ba ta saci komai ba. Har shayi na saya wa mai shago. Ban gaya mata ba, ina ajiye albishir sai ranar bikin digiri.

Bayan wata huɗu ta kira ni ina rumfar doya, muryarta ba daɗi. Ta miƙa littafin, injin makaranta ya ce kusan dukansa yana wani shafi a intanet, inda ake sayar wa ɗalibai rubutaccen aiki. Babin farko a buɗe ga kowa, sauran sai ka biya. Kuma tsohon kwafin ne, mai sunayen gaskiya.

"Baba, wa ka ba?"

Na ce layin ba kyau, zan kira.

Na kasa zama. Na je shago, na dawo rumfa, na koma shago. Na ce wa mai shago ya shiga ya ɗauko mana kayanmu. Ya buɗe dogon Turancin nan, wannan karon muka karanta da yatsa, layi layi. A ciki an ce duk abin da ka zuba suna iya ajiyewa, su yi amfani da shi, su ba abokan hulɗarsu. Wato mai sikelin bai karɓi ladan awo ba, buhun ya riƙe. Ko su suka sayar, ko kwashewa aka yi daga rumbunsu, ba mai gaya maka. Ba ofis, ba ƙofar da za ka buga.

Washegari na hau mota zuwa Bawku, don akwai maganar da waya ba ta ɗauka. Tun daga Tamale nake shirya jawabi, kowane rami motar ta faɗa sai wani sashe ya zube. Na same ta a ƙofar makaranta, na faɗi abin da na yi a tsaye.

Ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi duka ciwo. Ta ce batun makaranta da sauƙi: malaminta ya ga babi babi tun ana rubutawa, tana da muryoyin da ta ɗauka da tsofaffin kwafi masu kwanan wata, za su gane nata ne. Ta rubuta wa masu shafin su sauke, shiru. Ko sun sauke, wanda ya riga ya saya yana da nasa.

"Sunan Gwaggo yana babi na huɗu, Baba. Da sunan gidan. Jikokinta biyu suna jami'a, irin wuraren nan ɗalibai ke leƙawa."

Na ce wataƙila ba wanda zai gani. Ta ce wataƙila. Ta ce za ta je Yendi ranar Asabar, tunda ita ta yi alkawarin. Na ce a'a, wanda ya kwance akuya shi ke bin ta.

Na iso Yendi da la'asar, rigata duk ta yamutse. Tsohuwar na tsince wake a tsakar gida.

"Bawan gidanmu, wa ya aiko ka? Ko abincin Salaga ya ƙare?"

"Na zo duba ko kin mutu ne, in ɗauki tabarmar."

Ta yi dariya. Na zauna, na tashi, na sake zama. Sannan na faɗa mata, ba ado. Ta tambaya ko za a iya gogewa. Na ce ana ƙoƙari, amma ba zan yi mata ƙarya ba. Ta tambaya ko yarinyar ce ta kai. Na ce ni ne, da tabarau na.

Ta ci gaba da tsintar wake har ta gama tiren. Sannan ta ce, "'Ya'yana da jikokina ba za su ji a bakin waya ba. Juma'a zan tara su. Kai ma za ka zauna."

Kwana uku na yi a Yendi ina zagaye kasuwa ba na sayen komai. Ranar Juma'a bayan masallaci ta tara 'ya'ya da jikoki, ta faɗi sunan kakarta, da garin da ake jin daga can aka kamo ta, da rijiyar Salaga da aka yi mata wanka kafin a kai ta kasuwa. Wata jika ta yi kuka. Babban ɗanta ya tashi ya fita, bai dawo ba har na tafi. Ni ina gefe, mutumin da bai taɓa rasa magana ba, ina kallon takalmina.

Autata ta karɓi digirinta, da sunayen da aka canza, kamar yadda aka yi alkawari. Wancan na intanet, rabona da sa a duba tun azumi, yana nan a lokacin.

Da zan bar Yendi tsohuwar ta rako ni zaure. Na ce ta yi sauri ta mutu kafin kuɗin mota ya ƙaru. Na tsaya ina jiran nawa rabon tsokanar.

Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Alhaji."