Rabin Gaisuwar da Na Koya wa Sista

Ina shara da safe na ga wasu ƴan taurari suna gilmawa a idona. Na miƙe na dafa bango. Kaina yana sara tun jiya, zoben hannuna ya nutse cikin yatsa. Cikina wata takwas a lokacin, na fari, kuma a garinmu Nasarawan Doya mai cikin fari ba ta zancen cikinta, balle a gaban surukarta. Na ci gaba da shara.

Can sai ga sallamar Sista. Ma'aikaciyar jinya ce daga Kudu da aka turo ƙaramin asibitin garinmu, satinta uku. Da yake na gama sakandare ina jin Turanci, ni ta riƙe malamarta ta Hausa, kullum takan biyo kafin ta wuce aiki.

Ranar farko Inna, surukata, ta ce mata, "Ina gajiya?" Sista ta tambaye ni ma'ana, sannan ta sa in faɗa wa Inna ta gaji ƙwarai, motar ta jijjiga ta. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wannan ƴar taku, in an ce mata ina gida sai ta kawo mana hoton gidan!"

Na zaunar da Sista. Na ce ƙarami ke fara gaida babba, a rusuna. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ina aiki, da godiya. Ina labari, sai alheri. Ya jiki, da sauƙi. Na sa ta maimaita har ta daina duba takarda. Na ce kada ta tsaya tunani a tsakiya, ana jefo mata ta mayar, ita ma ta jefa tata. Ban gaya mata cewa gaisuwa share fage ce ba: in an gama a zauna, a sha ruwa, a ɗan yi shiru, sannan a sassauta murya a ce, "To, yanzu gaya min, me ke damun ki?" Mu ba wanda ya koya mana wannan, shi ya sa bai zo min a rai ba.

Safiyar da na ga taurarin nan, Sista ta durƙusa gaban Inna ta jero gaisuwa ba tuntuɓe. Inna ta tafa hannu. "Ah, Sista ta zama ƴar gari! Saura mu nemo mata miji a garin Paki."

Sista ta juyo gare ni. "Malama, ina kwana? Ya jiki?"

Inna na zaune tana tsince wake. Na ɓoye hannuna cikin hijabi na ce, "Da sauƙi."

"Madalla," in ji ta, yadda na koya mata, ta ɗauki jakarta. Wallahi har daɗi na ji don ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Abin awon hawan jini yana cikin jakar nan.

Kafin azahar na yi amai, bayan haka na kasa bambance ƙofar ɗaki da bango. Na kwanta, na ce wa Inna barci nake ji.

Wajen la'asar Sista ta dawo, ranta a ɓace. Mai yi mata tafinta ya tafi biki garin Kudan, ita kaɗai ta wuni da marasa lafiya. Ta faɗo ɗakina da Turancinta. "Malama, kowa na tambaya sai ya ce da sauƙi. Har tsohon da aka ɗauko ranga-ranga, da sauƙi! To ta yaya zan gane wanda…"

Ta ƙura min ido. Ta kama fuskata, ta danna ƙafata da yatsa, wurin ya loɓa ya ƙi tasowa.

"Tun yaushe?"

"Tun jiya."

"Da safe kin ce min…" Ta ɗaura min abin awo, ta duba, ta fita tsakar gida da gudu. Ba rusunawa, ba ina wuni. Na ji tana cewa, "Inna, mota! Yanzu!"

Maigidana ya baro gona da laka a ƙafa, aka samo mota. Na tuna kaina a cinyar Sista, da masarar gefen hanya tana wucewa. An ce kafin mu shiga Makarfi, inda babban asibiti yake, jijjiga ta kama ni. Wannan ban sani ba, Inna ce ta gani, kuma har yau ba ta son a tayar da zancen.

Na sha lissafa awannin nan, daga safe zuwa la'asar. Sista ta ce laifinta ne, aikinta duba jiki, ba sauraron baki ba. Ni kuma na san wanda ya ce mata kada ta tsaya tunani. Har yanzu in na ji sallama da safe gabana faɗuwa yake.

Na farfaɗo washegari da hantsi, ruwa ɗaure a hannuna, cikina a ɗinke. Sista na kan kujera da kayan jiya a jikinta. Na waiga ban ga jariri ba, kuma ba wanda ya yarda muka haɗa ido. Likita ya shigo ya duba takarda, ya ja kujera kusa. Ya ce namiji ne, bai zo da rai ba, sai haƙuri. Ya ce ni kuwa jinina ya sauka, na fita daga haɗari. Inna ta ce alhamdulillahi, ta gyara min zane a ƙafa.