Sarƙar da Goggo Ke Rataya Almakashi

A gidanmu idan abu ya yi ƙyalli amma babu inganci, sunansa "zinaren Kawu". Takalmin da ya ɓalle ranar da aka saye shi zinaren Kawu ne, haka ma saurayin da ya zo da motar aro. Na girma ina faɗin kalmar ina dariya, ban taɓa tsayawa na dubi fuskar mai sunan ba, kuma yau kunyar hakan nake ji.

Goggo ƙanwar mahaifina ce, tela ce, kuma Allah ya yi ta da baki. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin layi: keken ɗinki mai feda a jikin taga, tulin ƙyallaye a kusurwa, benci guda da mata ke cika shi tun hantsi ko da ba su kawo ɗinki ba. A gefen keken akwai wani baƙin mayen ƙarfe da aka ciro daga tsohuwar rediyo. Don tsintar allurai ta ajiye shi, amma shi ya jawo mata suna. Duk matar da aka kawo wa ɗan kunne ko zobe a layin nan, kafin ta yi godiya sai ta biyo ta shagon Goggo.

Na sha kallon shari'ar. Da farko za ta sa tabarau ta nemi hatimi, ɗan rubutun nan na 18K ko 21K mai nuna darajar zinare, sannan ta taɓe baki ta ce, "Hatimi kowa ma ya iya bugawa." Sai ta kife kofin tangaran, ta goga abin a gindinsa, wurin da ba shi da santsi: idan ya bar zane ruwan zinare, da sauran magana, idan ya bar baƙi, to. Ta ɗiga masa ruwan lemon tsami ta jira ko zai sauya launi. Daga ƙarshe ta ɗauko mayen ƙarfe, wanda take kira Alƙali.

"Zinare ba ya bin maye," in ji ta. "Abin da Alƙali ya kama, an gama shari'a."

Kuma sau da yawa tana da gaskiya. Ta ceci mata da yawa daga hannun dillalai masu zaƙin baki. Akwai wadda ta taɓa zuwa za ta ciji zobenta don ta gwada, Goggo ta ce ta adana haƙoranta, za su yi mata amfani a gaba.

Kawu mijinta ne, mai gyaran agogo. Teburinsa na ƙarshen layin, ƙarƙashin rumfar kwano, da ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido. Mutum ne da in ya yi magana biyar a yini to an yi hira. Shekara ashirin da shida da suka wuce, ina 'yar yarinya, ya shigo shagon da rana tsaka, benci cike da mata, ya ajiye wa Goggo wata 'yar takarda a kan keke. Ta warware, sai ga sarƙar wuya. Ya ce, "Zinare ce." Da ya bari sai sun koma gida, da ba a yi haka ba. Mata suka ce a gwada, Goggo ta miƙa Alƙali, sai kan sarƙar ya yi tsalle ya manne, sauran jikinta na lilo. Shago ya kaure da shewa. Na ga bakin Kawu ya motsa, amma ba wanda ya ji abin da ya ce. Ya juya ya koma teburinsa.

Goggo ba ta jefar da sarƙar ba, ita ba ta jefar da ko guntun zare. Ta zura mata ɗan ƙaramin almakashin yanke zare ta rataya a wuya, tun daga ranar kuma nan take zaune. In an ce mata ai har yau ba ta yi baƙi ba, sai ta ce, "Jabu ma akwai mai kunya."

Zinarenta na gaske, a faɗarta, awarwaro ne da ta saya wa kanta wajen wata dillaliya shekara biyar da suka wuce. Ta duba hatimi, ta goga a kofi ya bar zane mai kyau, lemon tsami bai yi masa komai ba, Alƙali ko kallonsa bai yi ba. Yana kwance cikin auduga a ƙasan akwati, ba ya fitowa sai da babban dalili.

A bara babban dalili ya zo, autarta ta gama karatu aka yi taro. Goggo ta tura awarwaro da ƙyar, don a shekarun nan jiki ya yi albarka. Ta yini a tsaye tana gaisawa da jama'a, hannu ya kumbura, awarwaro ya ce shi da fita sai wani ikon Allah. Aka sa sabulu, aka sa mai, aka ɗaga hannun sama. Washegari da safe yatsunta sun yi suntum, na ce mata, "Goggo, tashi mu je wajen maƙerin zinare ya yanke shi, in ya so ya sake haɗa miki daidai hannunki."

Ta tashi daga kan keke yadda take, da almakashinta a wuya, tana mita har muka isa.

Shagon maƙerin ƙarami ne, da ƙaramin sikeli cikin gilashi, da wasu 'yan kwalabe a jere. Dattijo ne mai sanyin hannu. Ya zura wani siririn ƙarfe tsakanin fatarta da awarwaron, ya datse shi, ya buɗe. Goggo ta sauke ajiyar zuciya. Shi kuwa ya kai bakin yankan kusa da fitila ya daɗe yana kallo.

"Hajiya, wa ya ce miki wannan zinare ne?"

"Ni na ce," in ji Goggo. "Kuma ni ba a yi mini jabu."

Bai yi musu ba. Ya buɗe kwalba ɗaya ya ɗiga asid, ruwan nan mai cin ƙarfe, a bakin yankan. Nan take wurin ya yi kumfa, ya koma kore shar.

"Tagulla ce aka yi wa wankin zinare," ya ce. "Wankin mai kauri ne, an yi aiki. Ga zinaren nan a bayansa, bai kai kaurin ɓawon albasa ba."

"Na goga shi a tangaran!"

"Bayansa kika goga, bayansa kuwa zinare ne. Lemon tsamin ma bayansa ya taɓa. Da kullum kike sa shi, da tuni ya koɗe ya tona kansa."

"To maye fa? Maye bai kama shi ba!"

"Maye ba ya kama tagulla, Hajiya. Ba ya kama azurfa, ba ya kama dalma. In ya ƙi abu, abin da ya gaya miki kawai shi ne wannan ba baƙin ƙarfe ba ne. Bai ce zinare ne ba."

Ni dai na kafa idona a kan sikeli, don na san in muka haɗa ido da Goggo dariya za ta kuɓuce mini, kuma ba zan kwana lafiya ba.

Maƙerin ya ci gaba yana goge hannu. "Wani lokacin ma baibai yake yi. Sarƙar zinare tsantsa, in kin kai maye wajen maƙullinta sai ya kama, saboda akwai ɗan sifirin, murɗaɗɗiyar waya ta baƙin ƙarfe, a ciki. Ba a yin sa da zinare, zinare ya yi laushi."

A hankali Goggo ta kai hannun nan mai kumburi wuyanta, ta cire sarƙar, ta zare almakashin, ta ajiye a gabansa.

"Duba mini wannan," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa.

Ya kai nasa mayen tsakiyar sarƙar, ko motsi ba ta yi ba. Ya kai wajen maƙulli, ya manne. Ya goga ta a wani baƙin dutse, ya ɗiga asid a kan zanen, zanen ya tsaya daram. Ya nemi izini ya ɗan karce zobe ɗaya na jikin sarƙar da magagari don ya ga cikin, ya sake ɗigawa. Babu kumfa, babu kore.

"Wannan zinare ce, mai lamba sha takwas, ciki da waje. Almakashi kike ratayawa da ita?"

"Shekara ashirin da shida," in ji ni.

Goggo ba ta ko waiwayi awarwaron ba, ni na kwaso gutsuren. Muka fito tana tafiya kamar za ta tashi sama, ina binta da haki. Na zaci gida za ta, ta jira ya dawo su yi maganarsu a ɗaki. Ina! Shago ta fara biyawa, ta leƙa ta ce wa matan benci, "Ku taso. A gabanku aka yi, a gabanku za a warware." Suka biyo ta ɗuu, ba su san ko faɗa za a yi ba.

Kawu na sunkuye a kan wani agogo, gilashi a ido. Ya ɗago ya ga rundunar, ya cire gilashin a tsanake.

"Malam," in ji Goggo, ta ɗaga sarƙar sama yadda kowa zai gani. "Zinare ce. Maƙeri ya gwada. Na kunyata ka a gaban mutane, na sa har jikoki na wasa da sunanka. Ka yafe mini."

Kawu ya karkato da kai ya dafa kunne.

"Wannan kunnen ya fara nauyi. Me kika ce?"

Mata suka fashe da dariya, har da mai riƙe ciki. Goggo ta harare shi, hawaye na zuba tana dariya, ta maimaita da ƙarfi yadda har mai wankin mota a tsallaken titi ya juyo.

"Sifirin maƙulli ne ya kama," in ji Kawu. "Ni da nake kwana cikin sifirin na agogo."

"Ka sani? Tun ranar ka sani? To me ya hana ka faɗa, bawan Allah?"

"Na faɗa. Dariyarku ta fi muryata." Ya juya gilashin a hannu. "Ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Na ce bari in huce in sake faɗa. Kwana uku sai na leƙo shago na gan ta a wuyanki, da almakashi. Na ce a raina, in na gaya mata gaskiya, cikin auduga za ta sa ta, in riƙa ganinta sau ɗaya a shekara. Ni kuwa don wuyanki na saya."

Ba wadda ta yi shewa. Sai Goggo ta ja kujerar da masu kawo gyara ke zama, ta zauna a gabansa, ta juya masa baya, ta miƙa masa sarƙar ta kan kafaɗa.

"Hannuna ya kumbura," ta ce. "Sa mini."