Bidiyon da ya kwanta a talabijin ɗin Alhaji Gariba

Kowace safiya Shakiru yakan buɗe shagonsa da ke Alabar, cikin Kumasi, kafin masu kayan gwari su gama shimfiɗa buhunansu. Ranar Talatar nan ma haka ya yi. Ya ɗaga ƙofar ƙarfe, ya share gaban shagon, ya sayi koko da ƙosai wurin matar da ke bakin layi, sannan ya zauna ya kunna kwamfuta. Shagon bai fi taki uku ba. Akwai tebur, da benci na masu jira, da wata tsohuwar talabijin a ƙarƙashin tebur wadda ya daina kunnawa tun bara, har ta zama wurin ajiye takalman salla.

Shekara talatin ke nan yana wannan sana'a. Ya fara ne da ɗaukar aure da suna da katuwar kyamara a kafaɗa, zamanin kaset. Kaset ya wuce, faifai ya zo ya wuce, yanzu kowa da wayarsa. Abin da ya rage masa shi ne gyara: a kawo masa bidiyon biki ya yanke ya haɗa, ko ya kwashe abin da ke cikin waya ya zuba a filash. A Zongo an san shi da iya aiki. Shi ma ya san da haka, har yakan riga mai ƙorafi ba da amsa kafin ya gama bayani.

Bai kai ga shanye kokon ba sai ga Barkisu a bakin ƙofa. 'Yar Alhaji Gariba ce, tsohon dillalin shanu na unguwar Asawase. Ya gane ta nan take, domin mako uku da suka wuce ta zo shagon da wannan ƙaramar jakar da take riƙe da ita yanzu.

Labarin da ta ba shi a wancan zuwan ga shi. Mahaifinta yana da ƙane guda, Osmanu, a wani ƙauye can arewa, bayan Bawku. Shekara ashirin da biyu ba sa magana. Lokacin da mahaifiyarsu ta rasu, Gariba yana hanya da shanu, bai sami jana'iza ba. Da ya iso bayan kwana uku, Osmanu ya ce masa a gaban masu zaman makoki: "Mai uwa a nan ya riga ya binne ta." Gariba ya juya, bai sake taka ƙauyen ba. Yanzu ciwo ya kama Osmanu, sai ya sa aka ɗauke shi a waya yana magana da wansa, aka ba wani direban motar shanu memorin wayar ya kawo Kumasi.

Alhaji Gariba kuwa ya kurumce shekaru da dama. Leɓɓan mutum yake kallo ya gane maganarsa, kuma ya ƙware a kan haka, sai dai idonsa ba ya iya tsintar leɓe a fuskar waya. Da aka sa bidiyon a babbar talabijin ɗin da ke kafe a bangon ɗakinsa, sai Osmanu ya fito a kwance, kansa a gefe ɗaya, ƙirjinsa a ɗaya gefen. Tsohon ya karkata wuya har ya gaji, bai iya karanta kalma ɗaya ba. Barkisu ta faɗa masa cewa gafara Baba Osmanu yake nema. Ya ce: "Da idona na ga bakinsa ya faɗi waccan maganar. Da idona zan ga wannan." Ta ce to ya kwanta ta gefe ya kalla. Ya ce ba zai karɓi maganar ƙanensa a kwance ba.

A ranar da ta fara zuwa, Shakiru yana fama da bidiyon wani aure da aka matsa masa a kansa. Ya sa memorin a kwamfuta, sai ga dattijo zaune tsaf, hularsa a sama inda ya kamata. Ya juya mata fuskar kwamfutar.

"Kin gani? Lafiyarsa lau. Talabijin ɗinku ce ta tsufa."

"Maigida, bara aka saye ta."

"To, an sayar muku da tsohuwa a sabon kwali. Ku gwada ta maƙwabta."

Ya miƙa mata memorin, ya koma kan amarya da ango. Ta yi godiya ta tafi.

Yau da ta shigo ba ta zauna a benci ba. Suka gaisa, ya tambayi jikin Alhaji.

"Da sauƙi," in ji ta. "Baba Osmanu ne ya rasu ranar Juma'a."

Shakiru ya ajiye kofin. Ya yi salati, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya tambayi abin da ya riga ya san amsarsa: "Alhaji ya samu ya kalla?"

"Mun gwada ta maƙwabta kamar yadda ka ce. Nan ma a kwance. Muka ce mu jira yayana ya zo daga Accra ya sauke talabijin ɗin a jingine ta ta gefe. Yau ne gobe ne, har aka bugo mana waya." Ta ajiye memorin a kan tebur. "Jiya Baba ya ce har yanzu yana so ya gani. Idan ba za ka iya ba, ka faɗa mini in je wurin masu gyara na Adum."

"Zauna," ya ce. "Don Allah zauna."

Ya jawo tsohuwar talabijin daga ƙarƙashin tebur, ya kwashe takalman, ya goge ta da gefen rigarsa. Ya kwafi bidiyon a filash ya soka mata. Osmanu ya fito a kwance, daidai yadda Barkisu ta faɗa tun farko. Ya duba agogon bango. Minti huɗu ne duka gwajin ya ci.

Ba baƙon al'amari ba ne gare shi, kuma wannan ne ya fi ci masa rai. Idan mutum ya riƙe waya a tsaye ya ɗauki bidiyo, yawancin wayoyi ba sa adana hoton a tsaye. Suna adana shi a kwance kamar yadda idon kyamarar ya ɗauko, sai su rubuta ɗan umarni a cikin fayil ɗin cewa duk mai nunawa ya juya hoton digiri casa'in. Waya tana karanta umarnin, manhajar kwamfutarsa ma tana karantawa, shi ya sa ya ga dattijon a zaune. Talabijin da yawa kuwa, idan aka soka musu filash, ba sa kula da umarnin, sai su nuna hoton yadda yake a adane. Ya buɗe bayanan fayil ɗin, ga shi a rubuce: faɗi ya fi tsawo, juyi casa'in.

"Ashe ba tsufa ba ne," in ji Barkisu da ya nuna mata.

"Ba tsufa ba ne. Ni ne ban duba ba."

Sauya umarnin kaɗai ba zai yi amfani ba, tunda talabijin ɗin ba karantawa take yi ba. Dole a juya hoton kansa, a sake fitar da bidiyon sabo, ta yadda zai tsaya da ƙafarsa ba tare da wani umarni ba. Ya fara ajiye na asali a gefe, domin kowace sake fitarwa tana ɗan rage kyan hoto. Manhajar gyaransa ta riga ta tsayar da hoton da kanta, don haka bai ƙara juya shi ba. Da ya ƙara juyawa, da ya sake kwantar da shi ta ɗaya gefen. Ya fitar, ya gwada a tsohuwar talabijin. Osmanu ya zauna, amma ya zama siriri a tsakiya, baƙi ya cika dama da hagu.

Shakiru ya tuna wanda zai kalla. Ya koma ya yanke sama da ƙasa, ya zubar da rufin bukka da bargon da ke cinyar dattijon, ya matso da fuskar har ta cika allon daga hula zuwa gemu. Hoton ya ɗan dusashe, amma leɓɓan sun fito sarai. Ya sake fitarwa, ya sake gwadawa, ya tabbata motsin baki yana tafiya tare da murya.

Barkisu ta miƙo hannu za ta karɓi filash ɗin.

"Tare za mu je," ya ce. "A talabijin ɗinku nake so in gani."

Ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai saba yi ba, suka hau trotro, ƙaramar motar haya, zuwa Asawase. A tsakar gidan akwai tabarmi da butoci na masu zuwa ta'aziyya. Alhaji Gariba yana ɗakinsa a kan kujera, dogo, ramamme, sandar dillanci tana jingine a gefensa. Shakiru ya durƙusa daidai gabansa yadda zai ga bakinsa, ya gaishe shi, ya yi masa gaisuwar rashi.

"Kai ne mai gyaran?" in ji tsohon da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa. "An ce ka ce talabijin ɗina ta tsufa. Ni ne na tsufa, ɗana."

Shakiru ya tashi ya soka filash ɗin.

Fuskar Osmanu ta cika bango, a tsaye. Tsohon ya matso da kujera har gwiwarsa ta kusa taɓa bangon. Bidiyon minti biyu ne da 'yan daƙiƙoƙi. Osmanu ya ce: "Yaya, ni ne. Maganar da na faɗa maka ranar Inna, zafin zuciya ne. Ta ambace ka kafin ta cika, ban taɓa faɗa maka ba. Ka yafe mini. Idan ka yafe, ka aiko mini ko da ta bakin direba ne, in ji."

Leɓɓan Alhaji Gariba suna motsi tare da na ƙanensa. Da bidiyon ya ƙare ya ɗaga yatsa, Shakiru ya maimaita. Sau uku aka yi haka. A na ukun, da aka zo wurin direba, tsohon ya ce: "Na yafe, Osmanu." Sannan ya juyo wurin 'yarsa. "Direban nan yaushe ya koma?"

"Sau biyu ya je ya dawo, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai.

Shakiru ya jira har Barkisu ta fita ɗebo ruwa, sannan ya sake durƙusawa inda tsohon zai ga bakinsa. Ya ce: "Alhaji, tun mako uku aka kawo mini. Aikin rabin awa ne. Ban duba ba."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. "Kai mako uku ka riƙe," ya ce. "Ni fa, da na riƙe shekara ashirin da biyu? Tashi, ka nuna wa yarinyar yadda ake maimaitawa."

Ya nuna mata maɓallin a jikin rimot, ya mayar mata da memorin, ya ce ta adana shi kada a goge. Ya koma Alabar bayan La'asar. Bidiyon wani suna yana jiransa, an ɗauka da waya a tsaye. Ya gyara shi, ya fitar. Sannan ya matsar da kwamfuta gefe, ya ɗora tsohuwar talabijin a kan tebur, ya soka filash ɗin, ya kalla tun daga farko har ƙarshe kafin ya sa shi a ambulan ya rubuta sunan mai shi.