Littafin da Aka Ɗinke wa Baki

Mubaraka ɗiya ce ga Abdulgani tela, mai shago kusa da tashar Kalgo. Tun tana ƙarama take son zama ungozoma, makarantar ungozoma kuwa ba ta ɗaukar wanda bai ci lissafi da kyau a jarrabawar gama sakandare ba.

Da ta shiga ajin ƙarshe, kawunta na Gwandu ya aiko mata da littafin tambayoyin shekarun baya, amsoshin duk suna a shafukan ƙarshe. Malamin lissafi ya gargaɗe su cewa kada wanda ya leƙa amsa kafin ya gama aiki. Mubaraka yarinya ce mai jin magana. Ta kai wa babanta littafin, ta roƙe shi ya ɗinke shafukan amsa. Abdulgani ya bi su da keke, layi biyu, irin ɗinkin da yake yi wa aljihun ɗan kasuwa.

Ta yi aiki, ba a ƙi ba. Kullum bayan la'asar tana kan bencin shagon, tana warware tambayoyi har ta kai shekarar ƙarshe ta littafin. Hannunta ya yi sauri, gabanta ya daina faɗuwa. Duk wanda ya zo karɓar ɗinki sai ya ji cewa Mubaraka ta cinye littafi. Zancen a duba amsa bayan an gama, malam ya faɗa, amma ita rabin farko ta riƙe.

Sakamako ya fito. Komai ya yi kyau, ban da lissafi. Shekara ta tafi.

Ta wuni a ɗaki. Da yamma Abdulgani ya shigo da littafin da reza, ya zauna a bakin tabarma yana farke zaren a hankali, yana yabon ƙarfin ɗinkinsa. Shi ya riƙa karanto amsoshi, ita tana bin aikinta na da. Ba su yi nisa ba ta gane: idan ta tsallakar da lamba zuwa ɗaya ɓangaren lissafi, ba ta canja mata alama. Haka ta yi a shafin farko, haka a na ƙarshe. Wata da watanni tana koyon kuskure ɗaya, har ta ƙware.

"Baba, ashe tun farko yana nan, ni ce ban duba ba."

"Ni na ɗinke, ɗiyata. Da ke da ni, kowa ya ɗauki rabin laifi."

An yi mata rajistar jarrabawar ƙarshen shekara. Yanzu ma Abdulgani yana ɗinke shafukan kowace safiya, amma da allurar hannu, sako-sako, zare ɗaya. Idan ta gama aikin ranar, ita ke jan zaren da kanta, shi kuma ya tsayar da keke ya jira ya ji nawa ta ci.