Kajin Jegon Siddiƙa

Talatu ta Babban Mutum, Allah ya jiƙanta, katanga ɗaya ta raba mu da ita, shi ya sa abin da zan gaya muku ba ji na yi a bakin rijiya ba. Mace ce doguwa, marar yawan magana, kuma tun tana yarinya hannunta na kiwo ne. Akuyar da ta rame a gidan wani, in ta shigo hannun Talatu sai ka ga ta yi sheƙi ta haifi tagwaye. Da aka kai ta gidan Amadu, da 'yan awakinta ta tafi.

Amadu kuwa manomi ne, mai kirki, amma bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Suna da ƙuruciya ya sake ta sau biyu a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya kuma je ya yi biko da kuka. Igiya ɗaya ta rage tsakaninsu. Kowa a unguwa ya san haka.

To, wata shekara ta turke rago don Babbar Salla. Rago ya ƙoshi, ya yi ƙaho murɗaɗɗe, ya fara faɗa. Rannan da hantsi tana daka, ya tsinke igiya. Ɗansu Kalilu, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, yana wasa a gindin rumbu. Karo ɗaya ragon ya yi masa a ƙirji. Kafin a samo babur zuwa asibiti, yaro ya cika.

Da aka dawo daga maƙabarta, Amadu ya tsaya a tsakar gida, idonsa jawur, ya ce a gaban mutane, “Talatu, in dabba ta sake kwana a gidan nan da saninki, a bakin aurenki.”

Aka yi salati. Amma magana ta fita, kuma irin wannan rantsuwa ba ta da kaffara. Ba azumi, ba ciyarwa. In abin ya auku, aure ya mutu, shi ke nan.

Ranar aka kwashe awaki aka kai Mai'adua. Talatu ta cire turaku da hannunta ta yi itace da su. Daga nan ta koma dakau da sayar da ƙuli-ƙuli. Shekaru suka yi ta wucewa, ta haifi wasu 'ya'yan, gashinta ya fara furfura, amma kullum kafin magariba sai ta zagaya gida, ta leƙa bayan rumbu, ta leƙa makewayi, kada akuyar maƙwabta ta laɓe. In ta ji “meee” kusa, ko salla take sai ka ga ta zabura. Ragon Salla ma da safiyar yanka ake kawo shi. Ragon suna kuwa a gidan ƙanin Amadu yake kwana.

Sai Allah ya sauki Siddiƙa, autarta, lafiya, ta haihu. Cikin fari ne, ta dawo gida wanka. Surukai suka aiko da itace da kanwa da yaji, da kaji biyu manya don farfesun mai jego. Ɗan aiken ya iso bayan la'asar. Amadu ya tafi gaisuwar mutuwa Dutsi, ba namijin da zai yanka. Talatu ta ɗauko kwando ta kife kajin a gefen madafa, ta watsa musu tsaba, ta koma ga tukunyar ruwan wanka. Wallahi ko ɗar ba ta ji ba. Mace da ke zabura da kukan akuya, ta kife kaji da hannunta ta yi barcinta lafiya lau.

Da safe maƙwabciyarta Lami ta shigo barka. Lami ba muguwa ba ce, baki ne da ita kawai.

“A'a, Yaya Talatu, an koma kiwo ke nan? Maigida ya janye maganarsa?”

“Wane kiwo? Kajin Siddiƙa ne.”

“Nan suka kwana?”

“Nan suka kwana.”

Lami ta riƙe haɓa. “To ita kaza ba dabba ba ce?”

Talatu ta buɗe baki za ta yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa. Ludayin da ke hannunta ya faɗa cikin kunu.

Daidai lokacin Saminu ya yi sallama, ɗan ƙanin Amadu, malamin firamare, ya biyo gaida mai jego kafin ya wuce makaranta. Bai san abin da ake ciki ba. Lami ta tare shi.

“Malam Saminu, raba mu gardama. Kaza dabba ce ko ba dabba ba?”

“Dabba ce mana, Inna Lami. Haka muke koya wa yara. Duk mai rai da ke motsi yana neman abinci, wanda ba tsiro ba. Kaza, kifi, ƙadangare, duk dabbobi ne.”

Sai ya juya ya ga fuskar Talatu, ya ga kwandon, ya tuna. Ya ce, “Innalillahi.”

Talatu ta shiga ɗaki ta zauna a ƙasa. Abin da ke yawo a kanta ke nan: in kaza dabba ce, tun jiya ba ta da miji. Saki uku. Ba biko, ba kome, sai ta auri wani ya sake ta, ita da jika a hannu. Ina za ta? Iyayenta sun mutu, gidansu ya zama gona. In kuma ta yi shiru ta ci gaba da zama, zaman haram za ta yi har ta shiga kabari da shi. Wannan ya fi komai tsorata ta. Ta dubi gadon da ta haifi 'ya'yanta a kai, ta ji kamar ɗakin wata ta shigo.

Amadu ya dawo da azahar. Ba ta fito ta karɓi kayansa ba. Ta lulluɓe kanta ruf, kamar baƙon namiji ya shigo, ta gaya masa daga bayan labule. Dattijon nan ya jingina da bango ya sulale ƙasa.

“Ni na kashe kaina,” in ji shi. “Bakina ne.”

Bai ci abinci ba, don bai san ko matarsa ce ta dafa ba. Siddiƙa na ɗaki tana kuka, jariri na kuka, ruwan wanka ya huce ba wanda ya kula.

Bayan la'asar suka tafi wurin Malam Mahdi, limamin unguwa. Amadu da Saminu suka shiga zaure, inda dattawa ke zaune ana hira. Talatu ta durƙusa a bakin ƙofar cikin gida, inda za ta ji ba a gan ta ba.

Malam ya saurara har ƙarshe. Saminu, da laifi ke cinsa, ya yi sauri ya ce, “Allah gafarta Malam, ni ina ganin kalma biyu ce. Dabbar makaranta daban, dabbar gida daban. Kamar sa da ake noma da shi da sa hula. Suna ne kawai ya zo ɗaya.”

Talatu ta ji sanyi ya fara sauka a ƙirjinta. Sai Malam ya ce, “A'a.”

Kamar an zuba mata garwashi.

“Sa na garke da sa hula ba su haɗa komai ba,” in ji Malam. “Kamar Amadu na nan ne da wani Amadu a Zinder, ba dangi ba, suna ne ya haɗa su. Da haka dabba take, da na sallame ku yanzu. Amma dabba kalma ɗaya ce, ta miƙe ne. Daga akuya ta kai ga kura ta daji, ta kai ga abin da kuke koyarwa, har ta kai ga yaron da ya yi wauta ka ce masa dabba. Duk jini ɗaya. Gaskiya ka faɗa da safe, Saminu, kada ka janye ta don tausayi. Kaza na cikin gidan kalmar nan. Abin tambaya, a tsakar gida take ko a bakin ƙofa.”

Ya juya ga Amadu. “Rantsuwa niyyar mai ita ake fara bi. Ran da ka faɗa, ka nufi har kaza?”

Talatu ta kasa kunne. Kalma ɗaya zai ce, a'a, a tashi. Amma Amadu mai tsoron Allah ne.

“Malam, ban sani ba. Ranar ba na cikin hankalina. Ba zan yi wa Allah ƙarya ba.”

Ta cusa gefen mayafi a baki kada a ji kukanta.

Malam ya ce, “To me ya sa ka rantse?”

“Rago ya kashe mini ɗa.”

“Abin da ke tunkuri ke nan, mai ƙarfin da zai kashe yaro. Mu riƙe wannan.” Sai ya dubi dattawan. “Ku ba ku da aure a cikin maganar nan. Kowa ya kira mini sunan dabba, wadda ta fara zo masa.”

“Akuya,” in ji na farko.

“Tunkiya.”

“Saniya.”

“Jaki.”

“Raƙumi.”

Aka zagayo, aka sake. Doki, rago, sa. Wani ya ce kura. Sunayen na ƙarewa, Talatu na jin kaza na matsowa. Wani tsoho mai suna Dabo ya buɗe baki, ta runtse ido.

“Alfadari,” in ji shi.

Malam ya ce, “Dabo, kai dillali ne. In na aike ka kasuwar dabbobi a Mai'adua, ina za ka?”

“Kara mana.”

“In na ba ka kuɗin dabba ka dawo mini da zakara?”

“Ai sai ka ce na cuce ka, Malam. 'Yan kaji can gefensu daban.”

Aka yi 'yar dariya. Talatu ba ta yi ba.

“To kun ji,” in ji Malam. “Niyya ta ɓace mana. Dalilin rantsuwa bai shafi kaza ba, kaza ba ta tunkuri. Bakin mutanen garin nan kuma, in an ce dabba a gida, mai ƙafa huɗu ta turke ake nufi. Ita ma Talatu shi ya sa ta kife kaji ba ta ji komai ba, da bakinmu take ji. Aure na nan.” Ya ɗaga murya don ta ji. “Amma Talatu, rantsuwar ma tana nan. Akuya, tunkiya, ko ɗan jaririnsu ne, kada ya kwana.”

Daga bayan ƙofa ta ce, “Malam, zomo fa? Kyanwa fa?”

“Waɗannan sun fi kaza matsowa ciki. Kada ki sa a tara mini dattawa a kansu.”

Suka koma gida. Amadu ya yanka kajin nan take. Ta yi farfesu, Siddiƙa ta sha, ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba.

Tun daga ranar zagayen magaribarta ya ƙaru. Da akuya kaɗai take nema. Yanzu in ta ga kyanwa a kan katanga sai ta jefe ta. Bushiya ta taɓa shigowa da damina, ta tura ta waje da tsintsiya tana salati. Ta gane kalmar ba ta da katanga, ba ta san inda ta tsaya ba.

Amadu ya rasu tana matarsa, ta yi masa takaba. Bayan ta fita, Siddiƙa ta kawo mata 'yar akuya ja, ta ce, “Inna, yanzu ai ba abin da ya rage.” Talatu ta shafa bayan akuyar, ta duba haƙoranta, ta ce irin mai tagwaye ce. Ta yini tana ba ta harawa a tsakar gida. Da rana ta yi ja, sai na ji sallamarta a ƙofarmu, riƙe da igiya.

“Ki bar ta ta kwana a wurinki,” in ji ta. “Da safe zan zo in ɗauka.”

Haka muka yi har ta koma ga Allah.